Yadda za ka rubuta takardar ajiye aiki idan ciwo mai daɗewa ya tilasta maka

Mutumin da ciwo ya daɗe yana ci, ya kai ga yanke shawarar barin aiki, yawanci abin da ke damunsa shi ne kalmomin da zai sa a takarda. Yana tunanin yadda zai faɗi ciwon ba tare da ya zama abin tausayi ba, da yadda zai gode wa shugabansa ba tare da ya yi kamar roƙo ba. Waɗannan duk suna da muhimmanci, kuma za mu zo kansu. Amma abin da ya fi komai nauyi a cikin takardar nan layi ɗaya ne tak, wato layin da ke ɗauke da ranar da aikinka zai ƙare. A kan wannan rana ake lissafa albashinka na ƙarshe, da kuɗin sallama, da tsawon shekarun da ka yi, da lokacin da inshorar lafiyarka za ta daina biyan asibiti. Mai lafiya idan ya yi kuskuren rana, ya yi asarar 'yan kuɗi ya wuce sabon aiki. Mara lafiya idan ya yi wannan kuskuren, yana iya samun kansa a tsakiyar jinya babu albashi babu inshora. Don haka aikin wannan takarda yana farawa ne tun kafin a ɗauki biro.

Zan yi magana da "kai" don sauƙin rubutu, amma maganar ta shafi mace da namiji daidai wa daida.

Kafin ka rubuta komai, ka tabbatar ajiye aiki ne ƙofar da ta dace

Ajiye aiki da kanka ba shi ne kaɗai hanyar barin aiki saboda rashin lafiya ba, kuma sau da yawa shi ne hanyar da ta fi ƙarancin amfani ga ma'aikaci. Wurare da dama suna da tsarin ritaya bisa dalilin rashin lafiya, inda likita ko kwamitin likitoci ke duba mutum su tabbatar ba zai iya ci gaba da aiki ba. Wanda ya fita ta wannan ƙofa yana iya samun fansho ko garatuti ko kuɗin inshorar naƙasa waɗanda wanda ya rubuta "na ajiye aiki" ba zai samu ba. Akwai kuma hutun rashin lafiya mai tsawo, wani da cikakken albashi, wani da rabi, wani babu albashi amma sunan mutum yana nan a cikin ma'aikata. Sannan akwai sauƙaƙa aikin kansa: rage awoyi, sauya kujera, yin aiki daga gida, ko ɗauke wa mutum tafiye-tafiye.

Kada ka ɗauka neman waɗannan abubuwa roƙon alfarma ne. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 1982, ta ce rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda ciwo ko rauni ba hujja ba ce ta korar ma'aikaci. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006 kuma ta buƙaci a yi wa mai naƙasa gyare-gyaren da suka dace a wurin aiki don ya iya ci gaba. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu a kan waɗannan ba, kuma dokar kowace ƙasa daban ce, don haka abin da zai yi maka aiki kai tsaye shi ne dokar ƙwadago ta inda kake da takardun wurin aikinka. Amma sanin cewa ciwo ba laifi ba ne yana sa mutum ya shiga ofishin shugabansa da kansa a ɗage.

Akwai yanayi biyu da zan ce ka dakata gaba ɗaya. Na farko, idan aikin ne ya jawo ciwon ko ya ƙara shi, kamar ƙura ko sinadari da ya taɓa huhu, ko ɗaukar kaya da ya lalata ƙashin baya. A nan akwai maganar diyya, kuma ya kamata a kai rahoton ciwon a rubuce tun kana ma'aikaci. Na biyu, idan ba kai ka so tafiya ba, wani ne ya kira ka ya ce "gara ka rubuta da kanka, ya fi mutunci". Takardar da ka rubuta da hannunka tana iya zama hujjar cewa babu wanda ya kore ka, kuma hakan na iya raunana duk wani ƙorafi da za ka kai daga baya. A yanayin nan biyu ka ga wakilin ƙungiyar ƙwadago ko lauya tukuna. Magana zarar bunu ce, kuma a wurare da yawa idan ka miƙa takardar ajiye aiki ba za ka iya janye ta ba sai mai aikin ya yarda.

Takardun da za ka shimfiɗa a gabanka

Idan ka duba duk wannan ka ga lallai tafiyar ce mafita, sai ka nemo takardar ɗaukarka aiki ko kwantiragin da ka sa wa hannu, da littafin ƙa'idojin ma'aikata, da takardar inshorar lafiya idan wurin aiki ne ya yi maka. Abin da kake nema a cikinsu amsoshin tambayoyi ne kaɗan. Sanarwar kwana nawa ake buƙata kafin mutum ya tafi? Idan bai cika wa'adin ba, ana cire masa kuɗi? Hutun shekara da bai ci ba, ana biyansa kuɗinsa ko kuwa sai dai ya ci shi kafin ya tafi? Akwai wani haƙƙi da ba a samu sai an cika wasu shekaru? Kuma yaushe inshora take tsayawa: ranar da aiki ya ƙare, ko ƙarshen wannan watan, ko ƙarshen shekarar da aka riga aka biya?

Idan takardun ba su fito da amsa fili ba, ka tambayi sashen kula da ma'aikata a rubuce, ba da baki ba. Kana iya tambaya ba tare da ka ce za ka tafi ba. Jimla kamar "Ina son sanin yadda haƙƙoƙina suke idan rashin lafiya ya hana ni ci gaba da aiki" ta isa. Ka kuma tuna da bashi. Idan ka karɓi rancen ma'aikata ko an biya maka kuɗin wani kwas bisa sharaɗin za ka zauna wasu shekaru, ana iya cire ragowar gaba ɗaya daga kuɗinka na ƙarshe. Gara ka san haka yanzu da ka gani a takardar albashi.

Sai likita. Ka tambaye shi ƙarara: nan da mako shida ko takwas, me jikina zai iya ɗauka? Akwai tiyata ko sabon magani da ke tafe wanda zai kwantar da ni? Amsarsa ce za ta nuna maka ko za ka iya cika wa'adin sanarwa kana zuwa aiki, ko sai ka nemi a sassauta. Ka roƙe shi ya ba ka gajeriyar takarda da ke cewa kana ƙarƙashin kulawa ta dogon lokaci kuma aikin da kake yi ya fi ƙarfin lafiyarka. Ba sai ya rubuta sunan cutar ba.

Yadda ake zaɓen rana: misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka ga wani akawu a wani kamfani. Ƙodarsa ta gaza, likita ya ɗora shi a kan wankin ƙoda sau uku a mako, Litinin da Laraba da Juma'a, kowane zama kusan awa huɗu, kamar yadda aka saba yi wa masu wannan ciwo. Wanda ya taɓa raka mai wankin ƙoda ya san cewa awa huɗun nan ba su ne duka ba. Bayan an cire allurai an danne wurin da auduga har jini ya tsaya, mutum yakan tashi jiki a mace, wani lokacin da jiri, sauran yinin sai kwanciya. Akawun nan ya gwada rabin yini, ya gwada aiki daga gida, amma rufe lissafin ƙarshen wata yana buƙatar kwana uku ko huɗu a jere na cikakken natsuwa, shi kuwa ba ya samun kwana biyu a jere. Ya duba, kamfanin ba shi da tsarin ritayar rashin lafiya. Ya yanke shawarar ajiyewa.

Ga abin da ya samu a takardunsa. Ya fara aiki ranar 15 ga Afrilu, 2021. Kwantiragi ya ce sanarwar wata ɗaya. Kuɗin sallama sai wanda ya cika shekara biyar. Inshora tana tsayawa a ƙarshen watan da aiki ya ƙare. Hutun shekara kwana 24 ne, wato kwana 2 kowane wata, kuma kamfanin ba ya biyan kuɗin hutu, sai dai mutum ya ci abinsa.

Yana son miƙa takarda ranar Talata 3 ga Maris, 2026. Da ya bi zuciyarsa ya ba da wata ɗaya cif, wa'adin zai ƙare wajen 3 ga Afrilu. Da ya yi haka, da ya tafi saura ƙasa da mako biyu ya cika shekara biyar, ya bar kuɗin sallamarsa gaba ɗaya a kan tebur. Wannan shi ne irin kuskuren da gajiya ke sa mutum ya yi, domin mara lafiya so yake kawai ya ga ƙarshen wahalar. Sai ya zaɓi ranar Alhamis 30 ga Afrilu. A wannan rana ya wuce shekara biyar da mako biyu, albashin Afrilu ya cika, inshora kuma ta kai shi ƙarshen wata. Ka lura cewa wa'adin da ke cikin kwantiragi mafi ƙaranci ne. Ba da sanarwa fiye da haka yawanci ba laifi ba ne.

To amma ta yaya zai jure mako takwas? A nan hutun shekara ya shigo. Daga Janairu zuwa Afrilu ya tara kwana 8, yana da ragowar kwana 4 daga bara, ya riga ya ci 2. Saura kwana 10 na aiki. Idan aka ƙirga kwana goma na aiki baya daga 30 ga Afrilu, hutun zai fara ranar Juma'a 17 ga Afrilu. Ke nan ranar ƙarshe da zai taka ofis ita ce Alhamis 16 ga Afrilu, amma yana nan a matsayin ma'aikaci har 30 ga wata. Waɗannan ranaku biyu daban ne, kuma dole takarda ta bambanta su. Idan ka rubuta "ranata ta ƙarshe" kawai, mai lissafin albashi zai iya ɗaukar ta farkon, ya yanke maka mako biyu.

Tsakanin 3 ga Maris da 16 ga Afrilu akwai Talata bakwai da Alhamis bakwai. Kwana 14 ke nan da ba ya kan injin wanki, kuma su ne zai yi alkawarin miƙa aiki a cikinsu. Bai yi alkawarin zuwa kullum ba, domin ya san ba zai iya cikawa ba.

Akwai haɗari ɗaya a wannan tsari da ya kamata ka sani. Idan ka ba da sanarwa mai tsawo, mai aiki yana iya cewa ba ya buƙatar duk wannan lokacin, ya biya ka kuɗin wata ɗaya ya sallame ka nan take, idan kwantiragi ya ba shi wannan dama. Ga akawun nan, hakan zai mayar da shi ƙasa da shekara biyar. Idan ka ga irin wannan sharaɗi a kwantiraginka, ko ba ka amince da wanda kake wa aiki ba, to ka riƙe takardar har sai ranar da kake jira ta wuce, sannan ka miƙa. Idan kuwa akwai fahimtar juna, ka yi maganar ranar da baki tukuna, ka samu amincewa, sannan ka rubuta.

Abin da za ka faɗa game da ciwon

Kaɗan. Wannan takarda za ta shiga fayil, fayil kuma yana daɗewa, yana wuce hannun mutanen da ba ka sani ba. Shugabanka na yau yana iya zama mutumin kirki wanda ya san komai game da jinyarka, amma wanda zai gaje shi bai san ka ba, kuma shi za a tambaya idan wata rana ka samu sauƙi ka nemi wani aiki. Don haka "rashin lafiya mai buƙatar jinya ta dogon lokaci, bisa shawarar likita" ya wadatar. Sunan cuta, sunan magani, sakamakon gwaji, duk ka bar su a asibiti. Idan kana son shugabanka ya san dalla-dalla, ka faɗa masa da bakinka.

Amma kada ka ɓoye dalilin gaba ɗaya ka rubuta "saboda wasu dalilai na ƙashin kai". A ganina wannan kuskure ne ga mai ciwo mai daɗewa. Hukumar fansho, ko kamfanin inshora, ko ofishin da ke ba da tallafin marasa aiki a ƙasashen da ke da shi, suna iya bambanta wanda ya tafi don ra'ayinsa da wanda lafiya ta tilasta wa. Takardar ajiye aikinka na iya zama shaida ta farko da za su nema. Jimla ɗaya da ta ambaci rashin lafiya da shawarar likita tana kare ka.

Ka kuma kiyayi kalmomin da ke rufe ƙofa har abada, irin su "ba zan ƙara iya yin aiki ba". Ba ka san abin da gobe za ta zo da shi ba. Mai ciwon ƙoda yana iya samun dashe, mai wani ciwon yana iya dacewa da magani. Ka ce ba za ka iya ci gaba da wannan aikin yadda yake buƙata ba. Wannan gaskiya ce, kuma ta tsaya iya inda saninka ya tsaya.

Wani abin da na ga yana yawan shiga irin wannan takarda shi ne yawan ba da haƙuri. Mutum ya cika shafi da neman gafara kan kwanakin da bai zo ba da nauyin da ya ɗora wa abokan aiki. Ina fahimtar inda wannan yake fitowa, domin mai jinya yakan ji kamar ya zame wa kowa kaya. Amma ba kai ka ɗora wa kanka ciwon ba. Kuma jimla kamar "na san aikina ya lalace a watannin nan" amincewa ce a rubuce da gazawa, wadda ba wanda ya tambaye ka. Ka gode wa waɗanda suka ɗauke maka nauyi, wannan ya fi ba su haƙuri daraja.

Godiya

Godiyar da ke shiga zuciya ita ce wadda ta kama abu ɗaya takamaimai. "Na gode da duk abin da kuka yi mini" kowa yana rubutawa, har wanda ya tafi cikin fushi. Amma idan ka ce ka gode da aka sauya maka jadawali don ka samu zuwa asibiti, ko da aka ba ka damar koyon wani fanni, mai karantawa zai san da shi kake. Jimla biyu ko uku sun isa.

Idan kuwa ba a kyauta maka ba lokacin jinyar, kada ka yi ƙarya, kada kuma ka zuba ƙorafi a nan. Ka gode da damar aikin da shekarun da ka yi, ka tsaya. Ƙorafi yana da tasa takardar da tasa hanyar. Sai dai ka kula: idan kana da niyyar kai ƙara, kada ka rubuta cewa an yi maka duk abin da ya kamata, domin za a iya ɗauko wannan layin a karanta maka.

Takardar kanta

Ga yadda akawun namu zai rubuta tasa:

3 ga Maris, 2026

Zuwa ga Shugaban Sashen Kuɗi,
Kwafi ga Sashen Kula da Ma'aikata.

Ranka ya daɗe,

SANARWAR AJIYE AIKI BISA DALILIN RASHIN LAFIYA

Bayan gaisuwa tare da fatan alheri, na rubuto ne don in sanar da kai cewa zan ajiye aikina na akawu a wannan kamfani. Aikina zai ƙare ranar Alhamis 30 ga Afrilu, 2026.

Na yanke wannan shawara ne saboda rashin lafiya mai buƙatar jinya ta dogon lokaci. Bayan na tattauna da likitana, ya bayyana cewa ba zan iya ci gaba da wannan aiki yadda yake buƙata ba. Na haɗo da takardar likita.

Kwantiragina ya tanadi sanarwar wata ɗaya. Na ba da fiye da haka ne don a samu rufe lissafin watan Maris tare da ni, a kuma samu lokacin miƙa aiki a tsanake. Ina da ragowar hutun shekara na kwana 10, kuma ina neman izinin cin su daga 17 zuwa 30 ga Afrilu. Idan an amince, ranar ƙarshe da zan zo ofis ita ce Alhamis 16 ga Afrilu. Kafin nan zan riƙa zuwa cikakken yini ranakun Talata da Alhamis, sauran ranakun kuma a ci gaba da tsarin da muke kai yanzu. Zan bar rubutaccen bayani kan duk lissafin da bai kammala ba.

Ina godiya ƙwarai da shekaru biyar da zan cika a nan. Ba zan manta da yadda ka sauya mini jadawali don in samu zuwa asibiti ba, da yadda abokan aikina suka riƙe mini aiki a ranakun da ba na nan. Allah ya saka da alheri.

Ina roƙon a ba ni amsa a rubuce da ke tabbatar da ranar ƙarewar aikina, da lissafin haƙƙoƙina, da ranar da inshorar lafiyata za ta tsaya. Ina kuma neman a riƙe bayanin lafiyata a matsayin sirri.

Na gode.

[Sa hannu]
[Cikakken suna da lambar ma'aikaci]
[Lambar waya da adireshin imel na kanka]

Ka duba yadda aka jera ta. Sakin layi na farko ya faɗi shawarar da ranar, babu kewaye-kewaye, ta yadda ko wannan kaɗai aka karanta an san abin da ake ciki. An rubuta "zan ajiye", ba "ina tunanin ajiyewa" ko "ina neman izinin ajiyewa" ba. Ajiye aiki sanarwa ce. Abin da ake neman izininsa shi ne cin hutu a cikin wa'adin, shi ya sa a wannan wurin kaɗai aka ce "idan an amince". Idan kana aiki a inda ƙa'ida ta ce sai hukuma ta amince kafin ma'aikaci ya tafi, kamar wasu ayyukan gwamnati, sai ka bi tsarin da aka shimfiɗa, amma ranar da kake so ta fito fili.

An kuma ba da dalilin zaɓen ranar ta fuskar amfanin aikin, wato rufe lissafin Maris da miƙa aiki. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta shafi mai karantawa. Maganar cika shekara biyar haƙƙinsa ne, ba sai ya kare kansa a kai ba, ko da yake ya ambace ta a cikin godiya. Duka takardar ba ta wuce shafi ɗaya ba.

Idan jiki ba zai kai ƙarshen wa'adi ba

Wani ciwon ba ya ba da mako takwas. Mutum yana kwance a asibiti, ko likita ya ce daga yau a daina. A nan abin da ya fi dacewa shi ne ka ba da cikakken wa'adin a takarda, amma ka cinye shi a hutun rashin lafiya, maimakon ka rubuta "daga yau". Wanda ya tafi nan take ba tare da amincewar mai aiki ba, ana iya ɗaukarsa ya saɓa kwantiragi, a nemi ya biya kuɗin wa'adin. Sakin layi na uku sai ya koma kamar haka:

"Bisa umarnin likita, ba zan iya zuwa aiki ba a tsawon wa'adin sanarwar. Ina neman a lissafa wannan lokaci a matsayin hutun rashin lafiya. Idan kamfani ya fi son a taƙaita wa'adin, ina roƙon mu amince da sabuwar rana a rubuce, ba tare da an cire mini komai ba. Zan iya amsa tambayoyin miƙa aiki ta waya gwargwadon yadda jiki ya ba da dama."

Idan hannu ba ya iya rubutu, wani na kusa zai iya rubuta maka, amma ka karanta ko a karanta maka, kuma kai za ka sa hannu. Kada ka sa hannu a kan komai a ranar da magani ya gusar maka da hankali ko zafin ciwo ya hana ka tunani. Shawara irin wannan tana iya jiran kwana biyu.

Miƙawa da abin da ke biyo baya

Ka fara gaya wa shugabanka da baki, ko ta waya idan kana kwance, sannan takarda ta biyo a ranar. Bai dace ya ji labarin daga bakin wani ba. Ka buga kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, a sa maka hannu da kwanan wata ko a buga hatimin karɓa a kan ɗayan, ka tafi da shi gida. Idan ta imel ka aika, ka tura kwafi zuwa imel ɗinka na kanka, domin na ofis ana rufe shi da zarar ka tafi, duk abin da ke ciki ya fita daga hannunka. Wa'adi yakan fara ƙirguwa ne daga lokacin da takarda ta isa hannun mai aiki, ba daga ranar da ka rubuta a samanta ba, shi ya sa shaidar karɓa take da amfani.

Idan mako guda ya wuce babu amsa a rubuce, ka tuna musu. Idan amsar ta zo, ka karanta ta da idon basira, ka duba abu uku: ranar da suka rubuta ta yi daidai da taka, dalilin tafiya an rubuta rashin lafiya, kuma lissafin hutu ya dace da naka. Alamar cewa wani abu ya karkace ita ce ka ga an sa ranar da ka daina zuwa ofis a matsayin ranar ƙarewar aiki, ko a kawo maka wata takarda ta daban a ce ka sa hannu cewa ba ka bin kamfani komai tun ba a biya ka ba. Ta farkon ka nemi a gyara a rubuce nan da nan. Ta biyun kada ka sa hannu sai ka ga lissafin, ka kai wa wanda ya san doka ya duba.

A makonnin da inshora ta rage maka, ka yi amfani da ita: ka ga likita, ka yi gwaje-gwajen da lokacinsu ya yi, ka karɓi maganin da tsarin ya yarda a ba ka, ka kuma tambayi kamfanin inshorar ko akwai hanyar ci gaba da biya da kanka bayan ka bar aiki. Kafin ranarka ta ƙarshe a ofis ka karɓi takardar shaidar aiki mai nuna muƙaminka da ranar farawa da ranar gamawa, da kwafin takardun albashinka na watannin baya, da bayanin asusun fanshonka. Ka mayar da katin shaida da makullai da kwamfuta, kuma wanda ya karɓa ya sa hannu a kan jerin kayan.